Daga PDF zuwa jadawali mai lissafuwa: darasi daga alƙaluman ƙidayar Rabah, Wurno da Goronyo

Duk wanda ya taɓa kwafo jadawali daga rahoton PDF ya liƙa a Excel ya san abin da ke biyo baya. A kan allo jadawalin tsaf yake, sunaye a hagu, lambobi a dama, kowace a gurbinta. Da ka liƙa, sai komai ya cure a layi guda, ko lambar wannan gari ta koma gaban sunan wancan. Mutum ya yi ta zaton kwamfutarsa ce ke da matsala, ko kuwa shi ne bai iya ba.

Ba haka ba ne. Gaskiyar maganar ita ce yawancin fayilolin PDF ba su ɗauke da jadawali ko kaɗan. Abin da ke ciki zanen jadawali ne, idonka ne ke mayar da shi jadawali. Saboda haka duk manhajar da ta ce za ta ciro maka jadawali, kintace take yi. Wani lokaci ta dace, wani lokaci ta kuskure, kuma ba za ta gaya maka wanne ne ya faru ba. Aikinka shi ne ka taimaka mata ta yi kintace mai kyau, sannan ka gwada abin da ta ba ka kafin ka ɗora lissafi a kansa.

Za mu bi aikin daga farko zuwa ƙarshe da misali ɗaya: alƙaluman ƙidayar jama'a ta 2006 na jihar Sakkwato, musamman ƙananan hukumomi uku na gabashinta, wato Rabah, Wurno da Goronyo.

Me ya sa wannan jadawalin?

An yi ƙidayar a watan Maris na 2006, kuma gwamnatin tarayya ta wallafa sakamakon ƙarshe a gazet ɗinta a watan Fabrairu na 2009, jiha-jiha da ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Wannan ya sa ƙiyasin yawan jama'a da ake amfani da shi shekara da shekaru daga waɗannan lambobin yake tasowa. Mai son sanin kashi nawa na yaran Rabah aka yi wa rigakafi, ko mutum nawa ne ke dogaro da asibiti ɗaya a Goronyo, dole ya raba wani abu da yawan jama'a. In lambar da ke ƙasa ta karkace, duk abin da aka gina a kanta ya karkace.

Ga abin da sakamakon ƙarshe ya ce: Goronyo mutum 182,118, Rabah 149,152, Wurno 162,403. Jihar gaba ɗaya, da ƙananan hukumominta 23, mutum 3,702,676. Riƙe wannan lambar ta ƙarshe, domin ita ce ma'aunin da za mu auna aikinmu da shi.

Wani abu da ya kamata a sani tun yanzu: jadawalin a matakin ƙaramar hukuma ya tsaya. Ɗan garin Rara ba zai ga sunan garinsu a ciki ba, domin mutanen Rara suna cikin lambar Rabah ne. Babu manhajar da za ta ciro abin da ba a buga ba.

A duk bayanin nan, layin da ya kwanta daga hagu zuwa dama zan kira shi sahu, wanda ya tsaya daga sama zuwa ƙasa kuma ginshiƙi. Inda suka haɗu shi ne gurbi.

Abin da ke cikin PDF a zahiri

Kamfanin Adobe ne ya fito da tsarin PDF a 1993, da manufa guda: shafi ya fito iri ɗaya a kowace kwamfuta da kowace na'urar buga takarda. Don cim ma wannan, fayil ɗin yana ajiye umarnin zane ne. Yana cewa: je wuri kaza a kan shafi, rubuta waɗannan haruffa da girma kaza. Ana auna wurin da ma'aunin da 72 ɗinsa ke yin inci ɗaya, ana farawa daga kusurwar ƙasa ta hagu. Takardar A4 tana da faɗin 595 da tsawon 842 a wannan ma'aunin.

Da za ka buɗe cikin fayil, sahun Rabah zai iya kama da wannan. Lambobin wurin na misali ne:

```
BT
/F1 10 Tf
72 500 Td
(Rabah) Tj
180 0 Td
(149,152) Tj
ET
```

Fassararsa: ɗauki salon rubutu mai girman 10, je 72 daga hagu da 500 daga ƙasa, rubuta Rabah. Matsa 180 zuwa dama, rubuta 149,152. Shi ke nan. Ka lura babu inda aka ce wannan lamba ta Rabah ce. Babu sahu, babu ginshiƙi. Kalmomi biyu ne da suka zauna a tsayi ɗaya. Layukan da suka kewaye su kuma wani umarnin ne daban ya zana su, ba su san da zaman rubutun ba.

Kamar tallan kasuwa ne da aka shimfiɗa a ƙasa: kashin albasa nan, kashin tattasai can. Mai wucewa ya san wane kashi ne na wace mai talla saboda yana ganin wadda ke zaune kusa da shi, amma ba a rubuta sunan kowa a jikin albasar ba.

Har ila yau, ba dole ba ne umarnin su zo a jere yadda ake karatu. Wata manhajar takan rubuta duk sunaye 23 tukuna, sannan ta dawo sama ta zuba lambobi. Shi ya sa wani lokaci in ka kwafa ka liƙa, sai ka ga sunaye a jere su kaɗai, lambobi kuma can ƙasa.

Mataki na farko: wane irin PDF ne a hannunka?

Kafin ka buɗe kowace manhaja, yi wannan gwajin na minti ɗaya. Buɗe shafin, ka ja linzami a kan kalmar Wurno kamar za ka kwafa.

In kalmar ta haskaka, kuma da ka ƙara girman shafin sosai haruffan suka tsaya garau, to rubutu ne na gaske wanda kwamfuta ta haifa. Wannan shi ne mai sauƙi.

In ba abin da ya haskaka, ko shafin gaba ɗaya ya haskaka kamar hoto, to hoto ne. An ɗauki takarda an yi mata sikanin. A wurin kwamfuta, babu ko harafi ɗaya a shafin, ɗigo-ɗigon baƙi da fari ne kawai.

Akwai na uku, kuma shi ne mai yaudara. Kalmar ta haskaka, amma da ka ƙara girma sai haruffan suka yi dishi-dishi, shafin ma ya ɗan karkace. Wannan hoto ne da aka riga aka bi shi da manhajar gane haruffa, wadda ake kira OCR, aka ɓoye rubutun da ta gano a bayan hoton. Idonka na ganin lambar da ke kan takarda, amma abin da kake kwafa shi ne abin da manhajar ta zata. Kana iya ganin 162,403 a allo, ka liƙa ka samu 162,408. Tsofaffin takardun gwamnati da ke yawo a intanet sukan zo a kowane ɗaya daga cikin ukun, saboda haka gwada kwafin da ke hannunka.

Mataki na biyu: hanyoyi biyu na kintace

In rubutun na gaske ne, manhajojin ciro jadawali hanya biyu suke bi.

Ta farko ita ce bin layukan da aka zana. Manhajar tana neman layukan tsaye da na kwance, ta gano inda suka gitta juna, ta fitar da akwatuna, sannan duk rubutun da ya faɗa cikin akwati ta ce gurbi ɗaya ne. A manhajar Tabula sunan wannan hanya Lattice. Tana da kyau ƙwarai in jadawalin yana da cikakken raga. Ko da suna ya karye zuwa layi biyu, muddin yana cikin akwati ɗaya, za ta haɗa shi.

Ta biyu ita ce bin filin da ke tsakanin rubutu. In babu layuka, manhajar na duba inda farin fili ya ratsa shafin daga sama har ƙasa ba tare da ya ci karo da harafi ba, ta ce nan ne iyakar ginshiƙi. Sahu kuma, duk kalmomin da ke tsayi ɗaya ta ce sahu ɗaya ne. Sunan wannan Stream. Ita ce ake komawa gare ta a jadawalan da ba su da raga, amma ta fi saurin ruɗewa. In ginshiƙai biyu sun matsu da juna, sai ta haɗe su. In wani dogon take ya ratsa saman ginshiƙai uku, ya toshe farin filin ke nan, sai ta kasa ganin iyakar.

Tabula kyauta ce, a kan kwamfutarka take aiki, ba ta tura fayil ɗinka ko'ina, sai dai tana buƙatar Java. Kana shigar da fayil, ka je shafin, ka zana akwati kewaye da jadawalin, ka danna Preview & Export Extracted Data. A nan akwai dabara ɗaya da ke rage rabin wahala: ka zana akwatin a kan sahun bayanai kawai. Bar babban take, bar lambar shafi, bar bayanin da ke ƙasa. Kanun ginshiƙai ma in suna da hawa biyu, bar su, ka rubuta su da hannu daga baya. Sannan ka gwada hanyoyin biyu ka ga wadda ta fi fitowa daidai, ka fitar da ita a matsayin CSV.

Mai sabon Excel na Microsoft 365 a kan Windows yana da wata ƙofar: Data, sai Get Data, sai From File, sai From PDF. Shi ma kintacen yake yi, dokar gwaji ɗaya ce.

Mai rubuta Python kuma zai iya amfani da pdfplumber. A nan `n` lambar shafin ce, ana fara ƙirga ta daga sifiri:

```python
import pdfplumber

with pdfplumber.open("kidaya2006.pdf") as pdf:
    tebur = pdf.pages[n].extract_table({
        "vertical_strategy": "text",
        "horizontal_strategy": "text",
    })
```

Kalmar `"text"` na nufin bi filin da ke tsakanin rubutu. In ka sa `"lines"`, ka ce a bi layukan da aka zana ke nan. Amfanin rubuta umarni shi ne maimaici: in kana son ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan gaba ɗaya, ba za ka zauna kana zana akwati shafi bayan shafi ba.

In kuwa hoto ne fa?

Tabula ba ta karanta hoto. Sai an fara bin shafin da OCR, misali manhajar OCRmyPDF wadda ke amfani da Tesseract:

```
ocrmypdf --deskew -l eng hoto.pdf rubutu.pdf
```

Umarnin `--deskew` yana miƙar da shafin da ya karkace. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a shafi mai karkata lambar da ke can ƙarshen dama takan sauka ƙasa har ta yi daidai da sunan da ke biye, sai manhaja ta ba Sabon Birni lambar Rabah.

OCR ya fi rauni a kan lambobi. In ya karanta kalma da kuskuren harafi ɗaya, kai mai karatu za ka gane, domin ka san babu garin da ake kira Gor0nyo. Amma 162,408 lamba ce lafiyayya kamar 162,403, ba abin da ke nuna ta gurgunce. Ya kan rikita 1 da 7, 3 da 8, 5 da 6, sifiri da harafin O, waƙafi da aya. Ginshiƙin jimillar Sakkwato yana da alƙaluma 136: ƙananan hukumomi 21 masu alƙaluma shida-shida, sai Gudu da Tureta masu biyar-biyar. A ƙaddara manhajar na kuskure ɗaya a cikin kowane ɗari. Wannan kamar ƙwazo ne, amma yana nufin da wuya ginshiƙin ya fita ba tabo.

Shi ya sa, in jadawalin hoto ne kuma sahu 23 ne kawai, hanya mafi sauri ita ce ka buga da hannu. Ka buga sau ɗaya, wani ya buga nasa daban ba tare da ya ga naka ba, sannan ku ɗebe ginshiƙi daga ginshiƙi. Duk inda ba a samu sifiri ba, a koma takarda. Masu shigar da bayanan bincike sun daɗe suna wannan, domin da wuya mutum biyu su yi kuskure iri ɗaya a gurbi ɗaya.

Mataki na uku: wanke abin da ya fito

Abin da manhaja ta ba ka ɗanye ne. Ga wuraren da jadawali irin na Sakkwato ke yawan lalacewa.

Na farko, waƙafin da ke cikin lamba. Fayil ɗin CSV da waƙafi yake raba gurbi da gurbi. In an rubuta 149,152 ba a kewaye ta da alamar zance ba, sai ta tsage biyu, 149 a gurbi ɗaya, 152 a na gaba, duk abin da ke dama kuma ya matsa. Ko da ba ta tsage ba, takan shigo a matsayin rubutu, musamman in wani fili ya maƙale a jikinta. Alamar ita ce lambar ta jingina da hagun gurbi maimakon dama. Haɗarin kuwa shi ne SUM na Excel tsallake rubutu yake yi shiru, ba ƙorafi. Maganinsa:

```
=VALUE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(B2,",","")," ",""))
```

Na biyu, sunaye masu kalma biyu. Sakkwato na da Dange Shuni, Sabon Birni, da kuma Sokoto North da Sokoto South kamar yadda ake rubuta su a takardun gwamnati. In ka raba rubutu da fili, Rabah za ta fito daidai, amma sahun da ke bi mata zai zama Sabon a gurbin suna, Birni a gurbin lamba. In kuma sunan ya karye zuwa layi biyu a shafin, hanyar Stream za ta ba ka sahu biyu, ɗaya da lamba, ɗaya fanko. Wanda ya share gurbin fanko shi kaɗai, bai share sahun gaba ɗaya ba, ya jawo duk lambobin ƙasa sun hau sama da mataki ɗaya.

Na uku, abin da ba bayani ba ne amma ya shigo sahu: kanun ginshiƙai da ake maimaitawa a kowane shafi, lambar shafi, da sahun jimilla. Sahun jimilla kada ka jefar da shi. Cire shi ka ajiye a gefe, shi ne alƙalinka.

Na huɗu, sunan jiha. A kan takarda sau ɗaya ake rubuta shi a sama, ido ya san duk na ƙasa nasa ne. A jadawalin lissafi dole ya zama ginshiƙi, a maimaita shi a kowane sahu. Dalili kuwa, akwai ƙananan hukumomi masu suna ɗaya a jihohi daban. Akwai Bassa a Filato akwai a Kogi, akwai Obi a Binuwai akwai a Nasarawa, akwai Surulere a Legas akwai a Oyo. Ba ginshiƙin jiha, sai kwamfuta ta haɗe su ta tara.

Na biyar, rubutun suna. Wata takarda ta rubuta Wamako, wata Wamakko. Wata Dange-Shuni da karan ɗori, wata babu. Rara ma a wasu takardun Rarah ake rubutawa. Ranar da za ka haɗa wannan jadawali da na asibitoci ko na makarantu, duk sunan da bai yi daidai harafi da harafi ba zai faɗi ƙasa. Ka bar sunan yadda ya zo a ginshiƙi ɗaya, ka buɗe wani ginshiƙin na daidaitaccen suna.

In an gama, ga siffar da ake nema: kanu a sahu ɗaya tak, kowane sahu ƙaramar hukuma ɗaya, kowane gurbi abu ɗaya, babu gurbin da aka haɗe da wani.

```
jiha,karamar_hukuma,shekara,jimilla
Sokoto,Goronyo,2006,182118
Sokoto,Rabah,2006,149152
Sokoto,Wurno,2006,162403
```

Mataki na huɗu: sa jadawalin ya ba da shaida a kan kansa

Nan ne zuciyar aikin. Jadawalin ƙidaya yana da wata baiwa: lambobinsa a ɗaure suke da juna. Sahu-sahu dole su tara su ba da jimillar jiha, maza da mata kuma dole su ba da jimillar kowane sahu.

Fara da ƙirga. `=COUNT(D2:D24)` lambobi kawai yake ƙirgawa, ba ya ƙirga rubutu. In ya ba ka 23, madalla. In ya ba ka 22, ko sahu ya ɓata, ko wata lamba tana nan a rigar rubutu.

Sai tarawa. `=SUM(D2:D24)` dole ya ba da 3,702,676 cif. In bai ba da ba, kada ka fara bin sahu ɗaya-ɗaya tukuna. Ɗebe abin da ka samu daga abin da ya kamata, ka dubi bambancin da kyau, domin shi kansa yakan nuna ɓarawon.

In ka samu 7,405,352, ninki biyu ke nan: sahun jimilla ya shiga cikin tarawar.

In bambancin ya yi daidai da lambar wata ƙaramar hukuma, ita ce ta ɓata. Giɓin 149,152 na nufin Rabah ba ta shiga lissafi ba. Giɓin 277,705 kuwa, Wurno ce da Yabo tare, wato 162,403 da 115,302. Su biyun ne ƙarshe a jerin baƙaƙe, saboda haka ko akwatin da ka zana bai kai ƙasa ba, ko jadawalin ya tsallaka shafi na gaba ba ka bi shi ba.

In bambancin alƙalami ɗaya ne da sifirai a bayansa, to alƙalami ɗaya aka karanta ba daidai ba, kuma yawan sifiran na gaya maka matsayinsa. Rarar 600,000 na nufin wani 1 na farkon lamba ya zama 7, kamar Goronyo ta koma 782,118. Rarar 5 na nufin ka duba alƙalamin ƙarshe, inda 3 kan zama 8, kamar Wurno ta koma 162,408.

In bambancin yana rabuwa da 9 ba saura, yi zargin an juya alƙaluma biyu maƙwabta, kuskuren da mai bugawa da hannu ya fi yi. Rabah ta zama 149,125 maimakon 149,152, giɓin 27 ne, wato 9 sau 3. Tsohuwar dabarar akantoci ce, kuma dalilinta mai sauƙi ne: in ka musanya alƙaluma biyu da ke jere, ɗaya ya ƙaru da ninki goma, ɗaya ya ragu da ninki goma, abin da ya canza kullum tara ne sau tazarar da ke tsakaninsu, sai sifirai in akwai. A nan tazarar 5 da 2 ita ce 3.

Gwaji na uku na kwance ne. Ga jihar gaba ɗaya, maza 1,863,713 ne, mata 1,838,963. Tara su, 3,702,676. Yi wa kowane sahu haka. Kyawun haɗa gwajin tsaye da na kwance shi ne suna nuna gurbin kai tsaye: sahun da ya ƙi daidaita da ginshiƙin da ya ƙi daidaita, inda suka gamu nan kuskuren yake.

Abin da tarawa ba ta kamawa

Jimilla ta yi daidai ba ya nufin an gama. In lambar Rabah da ta Wurno suka yi musanyar wuri, jimillar jiha ba za ta motsa ba, amma ka ƙara wa Rabah mutum 13,251 da ba nata ba, ka rage wa Wurno. Haka in duk ginshiƙin maza ya zauna a ƙarƙashin kan mata. Maganin wannan ido ne: buɗe PDF ɗin gefe da gefe, ka duba sahun farko, na ƙarshe, wanda ke bin kowane suna mai kalma biyu, da sahun farko na kowane sabon shafi. Nan ne zamewa ke farawa.

Akwai kuma kuskuren da ba na manhaja ba ne. Ƙidayar 2006 tana da sakamako biyu: na wucin gadi da aka sanar a 2007, da na ƙarshe na 2009. A na wucin gadi Sakkwato 3,696,999 ce, ƙasa da na ƙarshe da 5,677. Shi ya sa za ka ga wasu shafukan intanet sun ba Wurno 162,307, wasu 162,403. Duka biyun an buga su, ba wanda ya ƙirƙira. Amma in ka cike gurbin da ya goge a kwafinka da lambar da ka tsinto daga ɗaya sakamakon, jimillarka za ta kauce da 96, ka kwana kana neman kuskuren OCR da babu shi. Saboda haka a jikin fayil ɗinka ka rubuta sunan takardar, shekarar bugu da lambar shafin da kowane jadawali ya fito. Ka kuma ajiye ɗanyen abin da manhaja ta fitar ba tare da ka taɓa shi ba, gyara ya kasance a kwafi.

Iyaka ta ƙarshe ita ce wadda ta fi kowacce girma. Duk gwaje-gwajen nan suna tabbatar da cewa ka kwafo abin da aka buga ne daidai. Ba sa tabbatar da cewa abin da aka buga shi ne yawan mutanen da ke ƙasa. An yi ta jayayya a kan ƙidayar 2006, har jihar Legas ta ƙi amincewa da lambar da aka ba ta. Wannan muhawara ce daban, kuma ba a shiga ta sai da lambobin da aka kwafo daidai.

Da jadawalin ya tsallake gwajin, tambayar da da sai an yi ta lalube a shafuka ta zama aikin daƙiƙa. Goronyo da Rabah da Wurno a haɗe mutum 493,673 ne a 2006. Raba da 3,702,676, ka samu kashi 13.3 cikin ɗari, wato kusan mutum biyu cikin kowane goma sha biyar na jihar. In kana da kwafin sakamakon, gwada da jiharku: ciro sahun, ƙirga su, tara su, ka ga ko za su ba ka jimillar da aka buga. In sun ƙi, dubi bambancin kafin ka dubi komai.